Zaɓen Daimon na Zoben Baiko: Yanka, Launi, Tsabta da Nauyi

Daimon, wanda wasu ke kira lu'ulu'u, dutse ne da aka yi da sinadarin kabon zalla, wato sinadarin da ke cikin gawayi, sai dai zafi da matsin ƙarƙashin ƙasa sun curo shi har ya zama babu abin da ya fi shi tauri cikin ma'adanai. Sanya shi a zoben baiko al'ada ce ta Turai da Amurka. Ana yawan ambaton zoben da Maximilian na Austriya ya ba Maryamu ta Burgundy a 1477 a matsayin tsohon misali, amma al'adar ba ta game gidajen talakawa ba sai a tsakiyar ƙarni na 20, bayan da kamfanin De Beers ya dage da talla. Daga nan ta bazu zuwa Japan da sauran ƙasashe, har ta kai ga shagunan zinare na Dubai da Jidda, inda masu haɗa kayan aure daga Afirka ke cin karo da ita.

Cinikin zinare a fili yake: a ɗora a sikeli, a duba hatimi, a ninka da farashin giram na ranar. Daimon ba ya tafiya haka. Duwatsu biyu masu nauyi ɗaya na iya bambanta a farashi ninki uku ko fiye, kuma mai saye ya jera su a tafin hannu ya kasa gane dalili. Don a sami harshe ɗaya tsakanin mai sayarwa da mai saye ne cibiyar nazarin duwatsu masu daraja ta Amurka, GIA, wadda Robert Shipley ya kafa a 1931, ta yaɗa ma'aunai huɗu: yanka, launi, tsabtar ciki da nauyi. A Turanci sunayen huɗun duka da harafin C suke farawa, shi ya sa ake ganin 4Cs a rubuce a shaguna da shafukan ciniki. Tsarin ba da maki na launi da tsabta ya fito a 1953, kuma shi ne har yau yawancin kasuwar duniya ke bi.

Ma'aunan nan huɗu ba su da nauyi ɗaya a idon mai kallo. Ɗaya daga cikinsu, yanka, shi ke sa dutse ya yi ƙyalli ko ya mutu. Sauran ukun sun fi auna ƙarancin dutse a duniya, kuma akwai matakin da in aka wuce shi, kuɗi na ci gaba da hawa amma ido ba ya ƙara ganin komai.

Yanka

Daimon ɗin da aka haƙo daga ƙasa ba shi da wani kyan gani. Kama yake da guntun alawa ko fasasshen gilashi da ruwa ya goge. Duk walƙiyar da aka san shi da ita aikin hannun mai yanka ne, kuma yawancin duwatsun duniya a birnin Surat na Indiya ake yanka su a goge.

Ana yawan rikita yanka da siffa. Siffa ita ce kamannin dutsen in an dube shi daga sama: zagaye, ko mai kamar ƙwai, ko murabba'i, ko mai kamar ɗigon ruwa. Yanka kuwa shi ne yadda aka tsara ƙananan fuskokin dutsen, da kusurwar da kowacce ta karkata, da yadda suka dace da juna. Zagayayyen daimon da aka fi sa wa zoben baiko yana da fuska 57, ko 58 in an ɗan daddatse tsininsa na ƙasa. A samansa akwai shimfiɗaɗɗiyar fuska mai gefe takwas da ake kira tebur. Kewaye da tebur akwai gangaren sama, wato kambi. Sai siririyar ɗamara a wurin da dutsen ya fi faɗi, sannan gindi, wanda ke tsukewa kamar mazurari har ya ƙare a tsini.

Gindin nan, wanda zobe ke ɓoyewa, shi ne ke yin babban aikin. Daimon yana lanƙwasa haske fiye da gilashi nesa ba kusa ba, kuma saboda haka hasken da ya shiga cikinsa ba ya samun fita cikin sauƙi. In ya bugi bangon gindi a karkace, bangon ya zama madubi, ya cilla shi zuwa bangon da ke fuskantarsa, shi kuma ya mayar da shi sama ta tebur zuwa idon mai kallo. Wannan komowa sau biyu ba ta yiwuwa sai kusurwar gindi ta faɗa cikin ɗan ƙaramin tsakani. A 1919 wani matashin injiniya ɗan gidan masu yankan daimon na Antwerp, Marcel Tolkowsky, ya yi lissafin abin, ya fitar da digiri 40.75 ga gindi, da digiri 34.5 ga kambi, tebur kuma kashi 53 cikin ɗari na faɗin dutse. An yi ta bincike bayansa, an gano cewa akwai haɗe-haɗen kusurwoyi da dama da ke ba da kyakkyawan sakamako, amma duwatsu masu kyan yanka har yau ba sa nisa da alƙalumansa.

In gindi ya yi zurfi da yawa, hasken da ya bugi bango na farko yakan isa na biyu a miƙe, sai ya ɓulle ta gefe ya tafi. Mai kallo daga sama zai ga tsakiyar dutsen ta yi duhu, abin da 'yan kasuwar ke kwatantawa da kan ƙusa. In kuma gindin ya yi faɗi ba zurfi, hoton ɗamara yakan bayyana a cikin tebur kamar farin zobe mai dishi-dishi, dutsen ya yi kama da idon kifi, kuma da wannan sunan ake kiransa. Bambancin digiri ɗaya ko biyu a gindi ya isa ya raba dutse mai rai da matacce.

Dutsen da aka yanka daidai yana ba ido abu uku. Akwai farin hasken da yake mayarwa. Akwai wuta, wato tartsatsin ja da shuɗi da kore da ke fita domin daimon yana rarraba farin haske zuwa launukan bakan gizo. Akwai kuma ƙiftawa, yadda fuskoki ke kunnuwa suna mutuwa bi da bi in hannu ya motsa. Ƙaton tebur da gajeren kambi sukan ƙara farin haske su rage wuta, ƙaramin tebur da dogon kambi su yi akasin haka. A nan sha'awar mai zoben tana da ta cewa.

Tambayar da ke biyo baya ita ce me ya sa ake yanka dutse ba daidai ba alhali an san lissafin fiye da shekara ɗari. Amsar tana wajen kuɗi. Fitar da zagayayyen dutse daga ɗanyen daimon yakan cinye rabin nauyinsa ko fiye, ya tafi a ƙura. Mai yanka yana da zaɓi: ya bi kusurwoyi masu kyau ya fitar da dutsen da bai kai karat ɗaya ba, ko ya bar ɗamara da kauri da gindi da tumbi ya tsallake karat ɗaya, inda farashi ke tsalle. Da yawa sukan zaɓi na biyu, domin sun san mai saye lambar nauyi yake fara tambaya.

Tun 2006 takardar GIA take ɗauke da makin yanka na zagayayyen daimon, mataki biyar daga sama zuwa ƙasa: Excellent, Very Good, Good, Fair, Poor. Kalmar Good tana da yaudara, domin mataki na uku ne, kuma dutsen da ya same shi sau da yawa ido na ganin raguwar haskensa in an ajiye shi kusa da na sama. Takardar tana kuma ba da maki dabam ga sumul ɗin guga da daidaiton fuskoki. Ko a cikin mataki na sama akwai faɗi, shi ya sa masu lura suke ƙara duba alƙaluman da ke kan zanen dutsen: gindi tsakanin digiri 40.6 da 41, kambi wajen 34 zuwa 35, tebur kashi 54 zuwa 58, zurfi gaba ɗaya kada ya wuce kashi 62 da ɗan ɗoriya na faɗin dutse.

Sauran siffofi sun fi dogara ga ido. Masu tsawo, irin mai kamar ƙwai da mai kamar ɗigon ruwa, sukan nuna wata baƙar inuwa a gicciye ta tsakiya, mai kamar fukafukan malam-buɗe-littafi. Kaɗan daga cikinta ba laifi, amma in ta yi baƙi ƙirin ta raba dutsen biyu, yankan bai yi ba. Kuma duk wanda zai gwada dutse da ido ya kamata ya san cewa fitilun shagon kayan ado an jera su ne don su sa ko kwalba ta yi walƙiya. Gwajin gaskiya yana bakin taga, ko a inuwa, ko ƙarƙashin fitilar ɗaki ta yau da kullum. Dutse mai kyan yanka ba ya mutuwa a can.

Launi

Abin da ake aunawa a nan rashin launi ne. Yawancin daimon ɗin da ake gani fari yana da ɗan surkin rawaya ko ƙasa-ƙasa, kuma rawayar tana zuwa ne daga ƙwayoyin sinadarin naitirojin da suka maƙale a cikinsa tun yana haɗuwa. Ma'aunin yana farawa daga D, wanda ba shi da launi ko kaɗan, ya gangara har Z. An fara daga D ne domin kafin nan 'yan kasuwa sun riga sun ɓata A da B da C, kowa na liƙa wa kayansa A ko AA ko AAA yadda ya ga dama.

D da E da F su ne marasa launi. G zuwa J ana kiransu kusa da marasa launi. Daga K zuwa M rawayar takan fara bayyana ga ido, daga N zuwa ƙasa kuma ba ta ɓoyuwa. Dutsen da launinsa ya wuce Z, ko wanda ya zo shuɗi ko hoda, ya fita daga wannan ma'auni ya shiga wata kasuwa dabam mai tsadar gaske. Sanannen shuɗin daimon ɗin nan mai suna Hope da ke gidan tarihi na Smithsonian a Washington, sinadarin boron ne ya ba shi launinsa.

Yadda ake ba da makin launi yana bayyana abu mai amfani ga mai saye. Mai gwaji yakan kifa dutsen, tebur a ƙasa, a kan farin faranti, ƙarƙashin fitila ta musamman, ya dube shi ta gefen gindi kusa da jerin duwatsun gwaji da aka riga aka san makinsu. Ana kifa shi ne domin in an dube shi ta sama walƙiya tana rufe launin. To amma a yatsa ta sama ake ganinsa, a cikin ƙarfe, cikin kowane irin haske. A wannan hali mutum kaɗan ne zai iya raba E da G, ko G da H, sai an jera su gefe da gefe. Farashi kuwa yana jin kowane harafi.

Ƙarfen zoben yana canza lissafi sosai. Daimon madubi ne, yana ɗaukar launin abin da ke riƙe da shi. In aka dasa D a cikin jan zinare, ƙarfen zai zuba masa rawaya, kuɗin da aka biya na fari fat ya tafi a banza. A irin wannan zobe I ko J, wani lokaci har K, yakan fito fari domin ido yana kwatanta shi da zinaren da ke gefensa. A farin zinare ko filatinam kuwa surkin ya fi saurin tonuwa, sai a tsaya wajen G ko H. Girman dutse ma yana ƙara fito da launi, haka nan siffar da ake yanka wa dogayen fuskoki kamar matakala, wadda ba ta da yawan walƙiyar da za ta rufa asiri.

Akwai layi ɗaya a takarda da ya shafi launi, mai suna Fluorescence. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na daimon yana fitar da haske, galibi shuɗi, in hasken da ke sama da shunayya ya taɓa shi, kuma akwai irin wannan haske a cikin hasken rana. Kasuwa takan rage wa irin waɗannan duwatsu farashi, musamman masu D zuwa F. Ga dutsen I ko J kuwa shuɗin yakan ɗan kashe rawayar a rana. Kaɗan daga cikin masu ƙarfin wannan hali sukan yi hazo kamar an shafa musu mai, don haka wanda takardarsa ta ce Strong ko Very Strong a fita da shi waje a gani kafin a biya.

Tsabtar ciki

Daimon na ƙasa ya haɗu ne a zurfin da ya kai kilomita 150 ko fiye, yawancinsa sama da shekara biliyan ɗaya da suka wuce, kuma kusan kowanne ya taho da tabon tafiyar. Wani ƙwayar wani ma'adani ce ta maƙale a ciki, fara ko baƙa. Wani ɗan tsagu ne mai kamar gashin tsuntsu. Wani kuma tarin ɗige-ɗige ne ƙanana da suka taru kamar gajimare.

Ana duba su da madubin da ke ƙara girma sau goma, kuma makin ya dogara ga wahalar da ƙwararre ya sha kafin ya gan su. Matakan goma sha ɗaya ne. FL da IF su ne waɗanda ba a ga komai a cikinsu ba. VVS1 da VVS2 suna da abin da ko ƙwararre sai ya yi da gaske. VS1 da VS2 suna da ƙananan tabo da madubi ke nunawa. A SI1 da SI2 tabon a bayyane yake da madubi, wani lokaci har da ido. I1 da I2 da I3 kuwa ido yana ganinsa, kuma yana iya rage haske ko ƙarfin dutsen.

Tunda ba wanda ke yawo da madubi yana leƙa yatsun mutane, tambayar da ta dami mai saye ita ce ko ana ganin wani abu da ido daga tazarar kamu ɗaya. Ga zagayayyen dutse mai karat ɗaya ko ƙasa, VS2 kusan kullum yana tsallake wannan gwaji, SI1 sau da yawa yana tsallakewa, SI2 kuwa sai an duba ɗaya bayan ɗaya. Tsakanin VS2 mai tsabta a ido da IF babu abin da mai kallo zai gani, sai dai a takarda da rasit.

Maki ɗaya ba ya nufin kamanni ɗaya. SI1 mai farin tsagu a can gefe, inda farcen zobe zai rufe shi, ya fi SI1 mai baƙin ɗigo a tsakiyar tebur. Tabon da ya zauna ƙasa kusa da tsini yana da nasa sharrin, domin bangon gindi yakan maimaita hotonsa, ɗaya ya koma biyar ko takwas. Cikakkiyar takarda tana da zanen dutsen daga sama da ƙasa, an yi alamar tabon ciki da ja, na waje da kore, kuma wannan zane ya fi harafin makin faɗin gaskiya. In bayanin ƙasan takarda ya nuna cewa gajimare ne ya jawo makin SI, a yi hattara, domin irin wannan dutse yana iya zama ba tabo ɗaya da za a nuna da yatsa amma duk jikinsa ya yi dusu-dusu kamar ruwan tsari.

Tsagun da ya kai bakin ɗamara batun ƙarfi ne. Tauri na daimon yana nufin ba abin da ke kankare shi, amma yana da jijiya kamar itace, kuma bugu ɗaya a daidai wurin, a ƙofar mota ko bakin tukunya, yana iya ɓantare shi. Haka nan akwai duwatsun da aka yi wa magani, aka huda su da leza aka wanke baƙin tabo, ko aka cika tsagunsu da wani abu mai kamar gilashi. Wajibi ne a faɗa wa mai saye, kuma GIA ba ta ba da maki ga dutsen da aka cika wa tsagu, domin cikon ba ya dawwama.

Nauyi

Karat ma'aunin nauyi ne: kashi ɗaya cikin biyar na giram, wato miligiram 200, kamar yadda aka daidaita a 1907. Karat biyar ke yin giram ɗaya. Kalmar ta samo asali daga ƙwayar wata bishiya ta yankin Bahar Rum da 'yan kasuwar dā suke awo da ita, kuma ita ce ƙiraɗi a Larabci. Ana raba karat gida ɗari, don haka 0.50 rabin karat ne. Wannan karat dabam yake da wanda ake ji a kasuwar zinare. In an ce zinare 18 ko 21 ko 22, ana nufin yawan zinare cikin kashi 24 na ƙarfen. Zoben daimon yakan zo a 18 ko 14, domin 22 ya yi taushi ga ƙananan faratan da ke riƙe dutse.

Nauyi da girman da ido ke gani ba sa tafiya kafaɗa da kafaɗa. Zagayayyen dutse mai kyan yanka na rabin karat yana da faɗin kimanin milimita 5.1, na karat ɗaya 6.4 zuwa 6.5, na karat biyu wajen 8.1. An ninka nauyi, amma faɗi kashi ɗaya cikin huɗu kawai ya ƙaru, domin sauran ya tafi ƙasa. Farashi kuwa ya fi ninki, saboda manyan duwatsu sun fi ƙaranci, kuma kuɗin kowane karat yana tsalle a wasu iyakoki: 0.50, 0.70, 0.90, 1.00, 1.50, 2.00. A ɗauki lambobi don lissafi kawai: in dutsen 0.90 yana kan dala 4,000 kowane karat, kuɗinsa 3,600 ne. In irinsa mai 1.00 yana kan 5,000, an ƙara 1,400 a kan bambancin faɗin da bai kai kashi ɗaya cikin uku na milimita ba. Saboda tsananin wannan iyaka ne GIA ba ta ɗaga lamba sai ta kai matuƙa: dutsen 0.998 ana rubuta shi 0.99, sai 0.999 ne ke zama 1.00.

Wani abin lura shi ne jimillar nauyi, wadda ake rubutawa ctw ko tcw a jikin tambarin farashi. Zoben da aka ce karat ɗaya ne yana iya zama dutsen tsakiya 0.40 da ƙanana talatin kewaye da shi. Yana iya yin kyau matuƙa, amma darajarsa ba ta kusa da ta dutse guda mai karat ɗaya.

Duwatsu biyu a kan tire ɗaya

A ɗauka mai saye ya tarar da zagayayyun duwatsu biyu, kowanne da takardarsa. Na farko karat 1.00 ne, launi F, tsabta VVS2, yanka Good. Na biyu karat 0.92 ne, launi H, tsabta VS2, yanka Excellent. A ma'auni uku cikin huɗu na farko ne a gaba, kuma farashinsa zai fi na biyu da tazara mai yawa.

Layin awon milimita ne ke tona zancen. A ce duka biyun faɗinsu 6.25. Na biyu zurfinsa 3.84, wato kashi 61.4 cikin ɗari na faɗinsa. Na farko zurfinsa 4.13, kashi 66, ga kuma kaurin ɗamara. 'Yan kasuwar suna da lissafin ƙiyasta nauyin zagayayyen dutse: faɗi sau faɗi sau zurfi sau 0.0061. Na biyu ya ba da kimanin 0.92. Na farko ya ba da 0.98, kaurin ɗamara ya cike ragowar. Ke nan ƙarin nauyin da ake biya wa kuɗin tsallake karat ɗaya yana kwance a gindi da ɗamara, inda zobe zai rufe shi, kuma shi ne ma ke zubar da hasken dutsen. A yatsa girmansu ɗaya. Na biyu zai fi haske har gefe-gefe, wanda ke sa ido ya gan shi kamar ya fi girma. Tazarar F da H ba za ta fito ba in zoben jan zinare ne, a farin ƙarfe ma sai an jera su. VVS2 da VS2 kuwa madubi ne kaɗai ya san bambancinsu.

Akwai wanda zai zaɓi na farko da saninsa, domin yana son a ce karat ɗaya cif, ko yana jin daɗin sanin cewa dutsen ba shi da tabo ko da ba a gani. Wannan zaɓi ne na mai kuɗin. Asara tana wajen wanda ya biya yana zaton manyan haruffa ne ke kawo walƙiya.

Takardar da ke bayan makin

Duk waɗannan haruffa ba su da amfani in ba a san wanda ya rubuta su ba. Takardar da shago ya buga da kansa ra'ayin mai sayarwa ce. Ɗakunan gwaji ma ba su da tsanani ɗaya, kuma dutsen da wani ya ba G wani na iya ba shi I, don haka kwatanta farashi ba ya yin ma'ana sai takardun biyu sun fito daga wuri ɗaya. GIA da IGI, wadda aka kafa a Antwerp a 1975, su ne sunayen da aka fi cin karo da su. Yawancin duwatsu masu takarda an zana musu lambarta da leza a jikin ɗamara, ƙanana ƙwarai, sai da madubi. Mai saye yana da haƙƙin a nuna masa lambar, ya gwada ta da ta takarda, ya kuma shigar da ita a shafin ɗakin gwajin ya ga ko awo da nauyi sun yi daidai.

Takardar ce kuma ke faɗin ko dutsen na ƙasa ne ko na masana'anta. Daimon ɗin da ake ƙerawa a ɗakin gwaji daimon ne na gaskiya, sinadari ɗaya, tauri ɗaya, kuma ido ba ya raba shi da na ƙasa, sai na'ura. Farashinsa ya yi ƙasa sosai da na ƙasa, yana kuma ta sauka. Shi dabam ne da duwatsun kwaikwayo irin su zirkoniya da moisanait, waɗanda wasu sinadarai ne masu kama da shi. Wanda ya saba da zinare, da ake kai wa kasuwa ranar buƙata a karɓi kusan kuɗinsa, ya kamata ya san cewa daimon ba ya yin haka. Na ƙasa ana sayensa daga hannun mai shi ƙasa da kuɗin shago da rata mai yawa, na masana'anta kuwa da ƙyar ake tayawa.

Bayan an sa zobe a yatsa, abin da ya fi saurin ɓata aikin mai yanka shi ne maiƙo. Daimon yana kama mai, har a wuraren haƙa ma an daɗe ana amfani da teburi mai maiƙo wajen tsince shi daga tsakuwa. Man shafawa da sabulu da man girki sukan taru a bayan gindi, su hana bangon yin aikin madubi, sai dutse mai makin Excellent ya dushe cikin 'yan makonni. Jiƙa shi cikin ruwan ɗumi da ɗigon sabulun wanke-wanke, a goge bayansa da burushin haƙori mai taushi, yana dawo da shi yadda ya fito daga shago.